A Gyara Ko A Sake Sabo? Shawara A Kan Tsohon Takalmi

'Yan'uwana ɗalibai, ko wanenmu ya san malamin makaranta a tsaye ya ke yini. Daga ɗakin kwana zuwa aji, daga gaban allo zuwa bayan yara, sa'an nan in lokacin gwajin koyarwa ya zo ga doguwar tafiya zuwa makarantar da aka tura mutum. Duk wannan wahala takalmi ke ɗaukarta, don haka ba ya daɗewa sai ya fara kuka. Ran da ya buɗe baki sai mutum ya shiga wasuwasi, ko ya kai wa baduku ko kuwa ya ƙuƙuta ya sayi sabo. Kuɗin ɗalibi kaɗan ne, in ya zuba su inda bai kamata ba sai ya ji a jikinsa har ƙarshen zango. Shi ya sa na ga ya kyautu in rubuta abin da na koya a kan wannan al'amari, yawancinsa daga bakin wani tsohon baduku da ke zama a bakin kasuwar garinmu, wanda na sha zama a inuwarsa ina kallon aikinsa.

Abu na fari da ya koya mini shi ne, mai son ya san ko takalmi ya cancanci gyara ba ƙasansa ya ke fara dubawa ba. Mu dai da mun ga huji a ƙasa sai mu ce takalmi ya mutu. Shi kuwa in an miƙa masa, sai ya kife hujin a cinyarsa, ya fara murza fatar sama. Dalilinsa shi ne, ƙasan takalmi don ya cinye aka yi shi, kamar yadda tayar keke ke cinyewa a sake wata. Amma fatar sama ita ce takalmin kansa, ita ta koyi siffar ƙafar mai shi, ita ce kuma ba ta da madadi. In ta yi lafiya, sauran duk mai sauƙi ne. In ta lalace, ko ƙasan zinariya aka sa mata aikin banza ne.

Ga yadda a ke duba ta. Ka lanƙwasa takalmin daidai inda ya saba lanƙwashewa in kana tafiya, watau a gindin yatsu. Layukan da ke nan ba laifi ba ne, ko wace fata tana yinsu. Abin tsoro shi ne in layin ya zama tsaga, ya buɗe baki kamar fason dunduniya a lokacin hunturu, har kana hango cikin fatar. Tsagar da ta ratsa fata a wannan wuri ba ta warkewa, don ko wane taku sake buɗe ta ya ke yi. Ana iya lika mata faci ta ciki, ta ɗan ƙara 'yan watanni, amma ba ta cancanci kuɗin sabon ƙasa ba. In kuwa fatar bushewa kawai ta yi, ta yi fari-fari ba ta tsage ba, to, yunwar mai ce ke damunta, man takalmi da burushi sun ishe ta.

Sa'an nan ka tabbata fatar ta gaskiya ce. Da yawa daga takalman da ke kasuwa yanzu ƙyalle ne aka shafe shi da roba, ya fito yana sheƙi kamar fata. Alamarsa ita ce in ya tsufa sai ya riƙa saɓulewa yana zubar da ɓawo, ƙyallen ya bayyana a ƙarƙashi. Wannan in ya fara ba mai tsai da shi, mai ba ya shigarsa, ɗinki kuma ba ya riƙe shi. Fatar gaskiya, irin wadda majema ke jemewa, in ka duba bakinta inda aka yanka za ka ga gashi-gashi, ba za ka ga saƙar zare ba. Bayan wannan ka matse bayan takalmin da yatsu biyu, wurin da ke rungume dunduniya. Akwai wani abu mai tauri da a ke ɓoyewa a nan tsakanin fata da shafi. In ya tsaya ƙyam, madalla. In ya karye ya kwanta, kamar yadda ya ke faruwa ga masu take bayan takalmi su mai da shi silifa in za su fita alwala, to, takalmin ba zai ƙara riƙe ƙafa sosai ba.

In fatar sama ta ci wannan jarrabawa, sai a juya ga tambaya ta biyu, watau yaya aka haɗa sama da ƙasa tun farko. A nan ne a ke gane takalmin da aka yi don a riƙa gyara shi da wanda aka yi don a yar. Hanyoyin da za ka fi cin karo da su uku ne.

Ta farko, a kan ɗinka wata siririyar fata kewaye da gindin takalmin kamar gezar tabarma, ta riƙe fatar sama da shimfiɗar ciki, sa'an nan a ɗinka ƙasan a jikin wannan gezar. Turawa na kiran wannan ɗinki da sunan Charles Goodyear ƙarami, wanda keken ɗinkinsa ya yaɗa shi a shekarun 1870 a Amirka. Amfaninsa shi ne, in ƙasa ya cinye sai baduku ya yanke zaren waje kawai, ya ɗinka sabon ƙasa a jikin gezar, basillarsa ba ta taɓa fatar sama ba ko kaɗan. Irin wannan takalmi ana iya sake masa ƙasa sau da yawa muddin fatar na da rai. Ka duba gefensa za ka ga ɗinki a kan gezar, amma in ka leƙa ciki ba za ka ga zare ba.

Ta biyu, a kan ɗinke ƙasa da sama da shimfiɗar ciki gaba ɗaya da zare guda mai ratsa su duka. Wani Ba'amirke mai suna Lyman Blake ne ya ƙago keken wannan ɗinki a 1858. Ana gane shi in an ɗaga shimfiɗar ciki, sai a ga zare ya kewaye cikin takalmin. Shi ma yana karɓar sabon ƙasa, sai dai ba sau da yawa ba, don ko wane gyara ƙara huda fatar sama ya ke yi, har ta kai ba sauran wurin da zare zai kama.

Ta uku, wadda ta fi yawa a zamanin nan, ba ɗinki sam, da gam a ke manne ƙasan. A nan sai a yi hattara, gama masu yin takalmi sun san mutane na son ganin ɗinki, don haka su kan zana ɗinkin ƙarya a jikin robar. Ka sa farce ka sosa. Zaren gaskiya yana ɗan motsi, tsawon ɗinkin kuma ya kan bi ta ƙasa. Na ƙarya kuwa jiki ɗaya ne da robar. Takalmin gam ba abin rainawa ba ne, in fatarsa mai kyau ce ana iya ɓamɓare ƙasan a manna wani, sau ɗaya ko biyu. Al'adar nan tamu ta kai sabon takalmi wurin baduku ya zagaye shi da ɗinki tun ba a fara sawa ba, don irin wannan takalmi aka yi ta, tana kuwa hana shi buɗe baki. Amma tana da iyaka. Hujin basilla hanyar ruwa ce da damina. In kuma fatar ta roba ce, ɗinkin da aka yi kusa da kusa ya kan zama kamar hujin gefen kan sarki, wata rana sai ta yage a kan layin ɗinkin kaf.

Akwai wani ƙasa da ya kamata in ware in yi gargaɗi a kansa, musamman ga masu sayen takalman gwanjo. Wata irin roba ce mai laushi marar nauyi, mai daɗin taku kamar soso. Halinta shi ne, laimar iska tana cin ta a hankali ko da ba a sa takalmin ba, zafi kuma yana gaggauta cin. Don haka takalmin da ya shekara da shekaru a ajiye ya kan fito kamar sabo, zanen ƙasansa bai ko goge ba, amma da an taka shi kwana biyu sai ya fara marmashewa kamar busasshen burodi. Na ga wannan ya sami wani abokin karatunmu a tsakiyar filin taro, yana tafe yana barin baƙin gari a bayansa. Kafin ka saya, ka danna farce a ƙasan, ka lanƙwasa shi da ƙarfi. In ya yi danƙo-danƙo, ko ya tsattsage, ko gari ya biyo farcenka, ka ajiye. In kuwa naka ne ya fara haka, kada ka ɓata kuɗi a kan gam ko ɗinki, don ba abin da za su kama. Ko dai a cire ƙasan duka a sa wani, in fatar ta cancanta, ko a haƙura.

Abu na uku shi ne lokaci, a nan ne kuwa yawancin mutane ke asara. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Dunduniyar takalmi sau-ciki hawa biyu ce. Akwai tudun kansa, akwai kuma 'yar siririyar roba da a ke bugawa a ƙarƙashinsa, wadda kaurinta bai fi na fensir ba. Wannan robar ita ce mai cin ƙasa. Kusan kowa gefen baya na waje ya kan fara cinyewa, don nan ne ƙafa ke fara sauka, ba wata cuta ba ce. Muddin cin bai wuce robar ba, gyaran na 'yan mintoci ne, a ɓamɓare ta a buga wata, kuɗinsa ma kaɗan. Amma in aka bari ya ci ya shiga tudun, sai an gina shi da guntayen ƙirgi ko roba kafin a rufe, kuɗi ya ninka. Ba nan ɓarnar ta tsaya ba. Takalmin da dunduniyarsa ta karkace yana karkatar da taku, fatar sama ta bi ta gurɗe gefe guda, in ta gurɗe kuwa ba ta komawa. Hanyar ganewa mai sauƙi ce, ka ɗora takalman biyu a kan tebur ka tsuguna ka dube su ta baya. In sun tsaya sak, ka ci gaba da harkarka. In ɗaya ya jingina kamar mai gyangyaɗi, gobe ka kai shi.

Haka kuma tsakiyar tafin. Kada ka jira sai ka ji tsakuwa ta soke ka. Ka danna shi da babban yatsa a daidai inda tudun ƙafa ke takawa. In ya lotsa kamar kwali, ya kusa hujewa. A wannan lokaci rabin ƙasa ya isa, watau a manna sabuwar roba daga yatsu zuwa tsakiya. In ya riga ya huje, ruwa da yashi sun shiga sun ci shimfiɗar ciki, ita ce kuwa ginshiƙin da ɗinki ke kamawa. Huji a ƙasa ana maganinsa, amma ruɓaɓɓiyar shimfiɗa ta kan kashe takalmi.

To, yanzu ga lissafi, tun da mu malamai ne. Mutane su kan gwada kuɗin gyara da kuɗin sabo su tsaya nan. Wannan rabin lissafi ne. Abin da ya kamata a tambaya shi ne, ko wane wata na tafiya nawa zai ci mini? Bari in kawo misali da takalmana biyu da na kai wa tsohon nan rana ɗaya, ana saura mako biyu mu fita gwajin koyarwa. Kuɗin da zan ambata na lokacin ne, kowa sai ya sa na kasuwarsa a gurbinsu.

Na farko baƙin sau-ciki ne na fatar gaskiya, mai geza, na yi shekara 2 ina sawa. Tafinsa ya lotsa, robar dunduniya saura ƙiris ta ƙare, amma fatar ba tsaga, bayansa kuma a tsaye. Tsohon ya juya shi, ya ce, "Malam, wannan bai ko yi rabin kwanansa ba." Ya nemi naira 6,000 ya sake ƙasa da dunduniya, ya ce zai kai ni shekara. Sabon irinsa a lokacin naira 36,000 ne, in kuma ya yi wata 24 kamar wannan kafin ya nemi gyara, ko wane wata ya tashi a naira 1,500. Gyaran kuwa, 6,000 a raba wata 12, naira 500 ke nan a wata. Watau gyara ya fi araha ninki uku. Ko da rabin alkawarin ya cika, wata 6 kawai, naira 1,000 ne a wata, har yanzu gyara ke da riba. Ga kuma wani abin da lissafi ba ya nunawa, takalmin ya riga ya saba da ƙafata, ba zan shiga aji da kanta da ɗingishin sabon takalmi ba.

Na biyu ja ne mai sheƙi, na gam, wanda wani ɗan'uwa ya ba ni. Ganinsa ya fi na baƙin kyau nesa, ciwonsa ma kamar ƙarami, baki kawai ya buɗe a gaba. Na ce, "Baba, wannan fa?" Ya sa farce ya sosa inda ya ke lanƙwashewa, sai ɓawo ya biyo. Ya ce, "In kana so in ci kuɗinka sai in ci, amma zarena ba shi da abin kamawa a nan." Mannewa da zagaye shi da ɗinki naira 2,500 ne, a ganinsa kuma da ƙyar ya wuce wata 2. Wannan ya tashi naira 1,250 a wata. Sabon irinsa naira 9,000 ne, ya kan yi kamar wata 9, watau naira 1,000 a wata. Kun ga a nan gyaran da ya fi ƙanƙanta shi ya fi tsada. Na bar baƙin a wurinsa, na koma da jan ina sawa zuwa famfo har ya ƙarasa. Baƙin kuwa ya kai ni wata 14 kafin ya sake neman robar dunduniya.

Daga wannan za a ga ba girman ciwo ke yanke hukunci ba, sauran kwanan fatar sama ne. Akwai kuma takalman da lissafi ba ya shiga maganarsu. Takalmin da ya matse ƙafa a tsawo, gyara ba ya ƙara masa tsawo, ko da ya ke fatar gaskiya ta kan ɗan buɗe a faɗi. Kambas na guje-guje, in sosonsa na tsakiya ya mutu ya daina dawowa, manna masa taya a ƙasa ba ya mai da laushin. Amma takalmin gargajiya na dukawanmu, da sandal mai ƙasan ƙirgi ko tayar mota, su ne sarakunan gyara, don maɗauri ne kawai ke tsinkewa, a sake shi kuwa abu ne na nan take.

Saura magana ɗaya, watau yadda za ka gane gyaran kirki, gama gyaran banza ya fi rashin gyara ciwo. Ka tsaya ka kalli yadda a ke sa gam. Mai aikin gaskiya ya kan kankare tsohon gam da datti, ya goge fuskokin biyu da samfefa su yi kaushi, ya shafa gam a ko wane gefe, sa'an nan ya ajiye su kamar minti 10 ko 15 har gam ɗin ya sha iska ya daina bin yatsa. Bayan nan ne ya ke haɗawa ya bubbuga da guduma. Wanda ya shafa ya haɗa nan take yana ɗanye, aikinsa ba zai kai mako ba. Kai ma ka ba shi kwana guda kafin ka taka. Ka kuma guji ɗigawa takalmi gam ɗin nan na 'yar ƙaramar kwalba mai kamawa nan da nan. Bushewa ya ke yi kamar gilashi, takalmi kuwa lanƙwasa ya ke so, sai ya karye, ya bar wurin da tauri yadda gam na ƙwarai ba zai ƙara kamawa ba sai an kankare.

In ɗinki ne, ka duba ko an tsaga 'yar hanya a ƙasan an binne zaren a ciki. Zaren da ke kwance a fili shi zai fara cin ƙasa, kwana kaɗan ya tsinke. Kafin ka biya, ka zura hannu cikin takalmin ka shafa ko'ina, ko akwai kan ƙusa ko ƙullin zare da zai ci ƙafa. Wannan ya fi zama wajibi in takalmin na dattijo ne mai ciwon sukari, don wasunsu ba su jin sukar ƙusa sai gyambo ya kama. Daga ƙarshe ka sa a gyara ƙafa biyun tare, ko da ɗaya ce ta fi ciwo, don kada tsayinsu ya bambanta.

Wanda ya sake wa takalmi ƙasa ya ɗauki alkawarin kiwon fatarsa, in ba haka ba ya yi asarar kuɗin. In ruwa ya doke shi, kada a kanga shi a wuta ko a shanya a tsakar rana, zafi yana busar da fata ya kuma saki gam. A cusa masa tsohuwar jarida a ajiye a inuwa mai iska. Da hunturu a yawaita masa mai. Mai hali ya riƙe biyu yana musanyawa, don gumin yini guda ba ya bushewa sosai a dare ɗaya.

Shawarata ga ɗan'uwa ita ce, ran Asabar mai zuwa in ka gama wanki, ka ɗauko takalminka ka ɗora a tebur. Ka lanƙwasa fatar, ka matse bayansa, ka danna tafin, ka dube shi ta baya. In fatar lafiya lau, ka kai shi tun ciwon na dunduniya ne. In ta fara zubar da ɓawo, ka fara tara kuɗin wani, in ka tashi saye kuma ka sosa ɗinkin da farce tukuna. Allah Ya sa mu dace, amin.